Allon ayo da na sayo a Ibadan, bayan wata huɗu ina bugawa

Shekara uku ke nan ina zuwa Ibadan saro kaya, kuma duk yamma in na fito daga Sabo sai na tarar da dattawan Yarbawa a gindin bishiya sun duƙufa a kan ayo, wasan mutum biyu da ake zuba 'ya'ya a gurabun allo. Daga tsayuwar kallo har abin ya shiga raina, na je wurin wani masassaƙi na sayi allo irin mai naɗewa biyu. Su suna kiransa opon ayo. Gurbi 12 ne, shida nawa shida na abokin wasa, da 'ya'ya 48, huɗu a kowane gurbi.

Katakon yana da nauyi, ba ya zamewa a kan benci, kuma 'ya'yan na ainihi ne, masu ruwan toka da santsi, suna fita daga hannu ɗaya bayan ɗaya ba gardama. Aibinsa ɗaya, amma babba ne: gurabun ba su da zurfi. Da gurbi ya tara 'ya'ya sama da 13 sai su fara gangarawa gidan maƙwabci. Wanda bai san wasan ba zai ce ƙaramin abu ne. Ni dai ya dame ni ƙwarai, domin ƙarfin ayo gaba ɗaya yana wurin tara 'ya'ya a gurbi guda.

Dokar zubin ba ta da wuya. Za ka kwashe duk abin da ke gurbi ɗaya na ɓangarenka, ka riƙa sa ɗaya-ɗaya daga hagu zuwa dama, ka haye ɓangaren abokinka. In ɗan ƙarshe ya faɗa gurbinsa ya mayar da shi 2 ko 3, ka ci. Sai ka dubi gurbin da ke bayansa, in shi ma 2 ne ko 3 ka haɗa, haka har ka iske wanda ba haka ba. In 'ya'yan da ka kwasa sun kai 12, ka zagayo, tsallake gurbin da ka ɗauko su ake yi. In abokinka ba shi da ko ɗa ɗaya kuma kana da halin zuba masa, dole ka zuba. Wanda ya tara 25 ya yi nasara.

Tarin da ya isa zagaye allon, shi suke kira odu. Wani Baba da nake bugawa da shi ne ya buɗe mini ido a kansa. Ranar ina da 15 a gurbina na ƙarshe ta dama. Nasa shida, daga wanda ke kusa da tarina, suna ɗauke da 0, 1, 0, 1, 4, 2. Na kai hannu zan taɓa wani gurbi, ya riƙe mini yatsa ya ce, "Ɗana, ƙirga tukuna." Na ƙirga: shida za su shiga nasa, biyar su dawo nawa, 11 ke nan, a tsallake gurbin da na kwashe, saura huɗu su sake bin nasa na farko zuwa na huɗu. Waɗannan huɗun kowanne ya sami biyu, suka koma 2, 3, 2, 3. Na kwashe goma a zubi ɗaya. Na shidansa ma ya zama 3, amma ba nawa ba ne, tunda yana gaba da inda na tsaya.

Da na yi jinkiri har tarin ya ƙaru da ɗaya ya zama 16, da ɗan ƙarshe ya faɗa gurbinsa na biyar, huɗu ta zama shida, in tashi hannu rabbana, kuma na cika masa gida da 'ya'ya. Tun daga nan, in tarina yana gurbin ƙarshe, 11 nake cirewa, abin da ya rage shi ne lambar gurbinsa da zan sauka. Kun ga dalilin da ya sa ɗa guda da ya gangara saboda rashin zurfi yake iya ɓata lissafin wasa sukutum.

Baba ya kuma nuna mini maganin odu. Da gurbinsa na uku yana da biyu, da ya zama huɗu, cin ya yanke, uku kacal zan samu. Shi ya sa mai tari yake ajiye 'ya'ya ɗai-ɗai a hagunsa, yana matsar da su a hankali, har abokinsa ya rasa abin taɓawa ya buɗe gidansa da kansa.

Na mayar wa masassaƙin allon a zuwana na baya, ya ƙara wa gurabun zurfi. Mai niyyar saye ya zuba 'ya'ya 18 a gurbi ɗaya tun a gaban mai sayarwa, in sun zauna ya biya.