Jama'ar Agege da Mile 12 a kula, imel ɗin "barka da zuwa aiki" na bogi yana yawo

Salam jama'a. Abin da ya faru da ɗan yayata satin da ya wuce ne ya sa na ce bari in rubuto, don na san akwai yaranmu da yawa nan Legas da suka gama bautar ƙasa suna ta watsa takardu ko'ina.

Yaron nan ya ga tallan aikin sito a wani gurup na wasap, wai wani kamfanin rarraba kaya ne a Ikeja, ya tura takardunsa, kwana biyu aka kira shi a waya aka yi masa tambayoyi ko minti biyar ba a yi ba, wai intabiyu ke nan. Washegari sai ga imel. Wallahi da ya miƙo min wayar ni ma da farko na yi masa murna, don komai ya ji: tambarin kamfani a sama, sunansa cikakke, ka zo Litinin ƙarfe 8, ka tambayi mai tarbar baƙi, za a zagaya da kai a nuna maka ogan sashenku, ga lambar mai kula da ma'aikata, ga ta mai kwamfuta. Sai jerin abin da zai riƙo, hoto fasfo 4, NIN, satifiket na makaranta da na NYSC, fom ɗin garanto mutum 2. Duk wannan haka ake yi, ni ma da na kama aiki a Apapa kusan irinsa aka turo min.

A can ƙasa ne kunamar take. Wai kafin ranar sai ya biya naira 18,500 kuɗin gwajin asibiti da katin shaidar aiki da rigar aiki, cikin awa 24 in ba haka ba a ba wani gurbin, kuma wai za a mayar masa a albashin farko. Bai gaya wa kowa ba ya je wajen mai POS ya tura, da na tambaye shi dalili sai ya ce "Kawu so na yi in ba ku mamaki". To ya ba mu kam.

Da na zauna na duba a tsanake abin a fili yake. Sunan da ke fitowa a sama na kamfani ne amma in ka danna shi ka ga ainihin adireshin, @gmail.com ne a ƙarshe, sunan kamfanin kawai aka liƙa a gaba da wasu lambobi. Akawun ɗin da ya tura wa kuɗin sunan wani mutum ne shi kaɗai, yana nan ɓaro-ɓaro a risit. Sannan mutum biyun nan da aka ce ya tuntuɓa, muka kira ɗaya bayan ɗaya, murya ɗaya ce ke ɗagawa, bawan Allah ko sauya murya bai iya ba. Inda nake aiki an tura ni gwajin asibiti, amma takarda suka ba ni na kai asibitin da suke hulɗa da shi, sisi ban biya ba, katin aiki ma sai bayan na fara suka ɗauke ni hoto.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne fom ɗin "rajistar albashi" da ke cikin wani link da suka saka a imel ɗin. Mai biyanka albashi lambar akawu mai lamba 10 yake buƙata da sunan banki, sai lambar fansho in kana da ita. Su kuwa BVN suka nema, da lamba 16 na jikin katin ATM, da ranar ƙarewarsa, da lamba 3 na bayansa, daga nan sai a kira ka a ce karanto mana OTP da ya shigo yanzu mu tabbatar da akawunka. Wannan kwasar kuɗi ce kawai. Allah ya taimaka katin nasa yana gida lokacin, bai cike wajen ba.

Ranar Litinin na ce tashi mu je. Muka hau danfo muka sauka Ikeja, adireshin gaskiya ne, kamfanin ma akwai shi, amma mai gadi yana jin bayaninmu ya girgiza kai ya ce mu ne na huɗu tun safe, su ba su ɗaukar kowa yanzu, sunansu kawai ake ara. Don haka ko ka duba shafin CAC ka ga kamfani yana da rajista bai isa ba, ka taka da ƙafarka ka je get ɗin ko ka kira lambar da ke shafinsu na gaskiya, ba wadda ke cikin imel ɗin ba.

Mun kai ƙorafi banki da risit da hoton imel ɗin, sun karɓa sun ba mu lambar ƙorafi, har yanzu dai shiru. Jiya da dare kuma na sake ganin tallan a gurup ɗin 'yan unguwarmu, wannan karon wai direbobi da masu gadi ake nema a Lekki, kuɗin ya koma 22,000, lambar wayar dai ita ce ɗin nan.