Wa za ka ba ya duba maka taƙaitaccen bayanin takardar hayar shago?

Jama'ar Aboabo da Asawase a Kumasi, in mai gida ya miƙo maka yarjejeniyar shago shafi shida da Turanci, ejan kuma ya taƙaita maka ita a rabin shafi, don Allah kar ka sa hannu sai an gwada gajeriyar da ta asali. Mutum uku ake kai wa wannan aiki kuma ba ɗaya suke ba.

Na farko ɗan gida da ya yi makaranta, shi ba ka biyan ko sidi ɗaya, kuma yana iya kama lamba in an canza, misali asali ta ce shekara 2 gajeriya ta ce 3. Matsalarsa ita ce gajeriyar yake fara karantawa sannan ya nemo ta a cikin doguwa, to ta haka ƙari kawai ake kamawa, kamar a rubuta maka wai kana iya ba wani hayar shagon alhali babu wannan magana ko'ina a asali. Abin da aka tsallake ba zai gani ba, tunda ba ya gabansa. Sai ka sa shi ya juyo, ya bi ta asali sakin layi bayan sakin layi yana sa lamba, kowanne ya nuna maka inda ya faɗo a gajeriyar, wanda bai samu mazauni ba a ja masa layi. A nan ne irin su gyaran rufi a kan ɗan haya yake, ko kuɗin gudwil, wato dunƙulen kuɗin da ake biya don a samu shagon ban da na haya, ba a mayarwa, suke ɓullowa.

Na biyu kwamishinan rantsuwa na bakin kotu. Kuɗinsa da sauƙi, amma aikinsa shaida ne cewa kai ka sa hannu, hatiminsa ba ya nufin ya gwada takardun biyu. Ni ba zan dogara da shi a wannan ba.

Lauya ya fi tsada, amma murɗiya shi ke ganinta, kuma ita ta fi cin mutane. Ta asali ta ce ana iya sabunta haya in mai gida ya yarda, kuma sai ka rubuta masa wata uku kafin wa'adi, gajeriya ta ce kawai za a sabunta, ka ga ba a yi ƙarya ƙiri-ƙiri ba, sharaɗi aka cire sai "ana iya" ta koma alkawari. Shi ne kuma zai gaya maka dokar haya ta Ghana ta 1963 ba ta yarda a karɓi adibas fiye da na wata 6 ba, duk da kowa ya san yadda ake yi a gari.

In ɗaki ɗaya ne, ɗan gida ya isa muddin ya bi ta fuska biyun nan. In shago ne da gudwil a ciki, biya lauya, kuma ka kai masa takardun duka biyu, wanda ya yi taƙaitawar kuwa kar ya zama shi ne mai dubawa.