Gargaɗi: Saƙon "ana bin ka bashi" kan rajistar da ka riga ka soke

Jama'ar Katsina, a kula da saƙon da ke shigowa ta WhatsApp ko tes yana cewa ana bin mutum kuɗin wata rajista ta wata-wata, ko ta intanet, ko ta manhajar kallo, alhali shi ya san ya daɗe da sokewa. Tarkon yana cikin amsar farko da za ka bayar.

A ɗauki misalin mai shagon cajin waya a Ƙofar Ƙaura. Yana biyan N4,500 duk wata na intanet, ya soke a Janairu. A Afrilu sai ga saƙo: kuɗin wata uku N13,500, tarar jinkiri N5,000, jimla N18,500, amma in ya biya N9,000 kafin ƙarfe shida na yamma an yafe sauran, in ba haka ba 'yan sanda na tafe. Ransa ya ɓaci, ya rubuta: "Ai na soke tun Janairu." Da wannan jimla ɗaya ya tabbatar musu lambar tana aiki, ya taɓa yin rajistar, har da watan da ya daina. Yawanci ba su san ko ɗaya daga ciki ba, saƙo ɗaya suke watsa wa ɗimbin lambobi su jira wanda zai tanka.

Daga nan murya ke sauyawa. Wani zai kira cikin ladabi: "Alhaji, ka yi haƙuri, sokewar ce ba ta kammala ba. Za mu turo maka lamba, ka karanto mana mu rufe fayil ɗin." Lambar nan mai alƙaluma shida ta banki ce, wadda ake amincewa da fitar kuɗi da ita, ko kuma ta ƙwace maka WhatsApp. Soke rajista ba ya buƙatar wannan lamba, ba ya buƙatar BVN, balle alƙaluma ukun nan na bayan katin cirar kuɗi.

Don haka kada ka amsa a inda saƙon ya zo, kada ka latsa adireshin da ke ciki, kada ka kira lambar. Ɗauki hotonsa ka ajiye. In sun ba da lambar asusu, shigar da ita a manhajar bankinka ka ga sunan da zai fito, ba tare da ka tura ko sisi ba. Sunan mutum ɗaya maimakon na kamfani ya isa amsa.

Sai ka bincika ta hanyarka, domin wani lokaci sokewar ce da gaske ba ta yiwu ba. Mutane da yawa suna goge manhaja daga waya su zaci shi ke nan. Gogewa ba ta tsayar da cirar kuɗi. A wayar Android, buɗe Play Store, taɓa hotonka a sama, shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, za ka ga abin da ke raye. Duba bayanan asusunka na banki na watannin uku. Ka kuma tuna irin waɗannan rajistocin galibi kafin amfani ake biya: kuɗi ya ƙare, a yanke. Abin da ake yankewa in ba a biya ba, ta ina bashin wata uku zai taru?

Inda bashi kan iya zama gaskiya shi ne yarjejeniyar da ka sa wa hannu, misali ta shekara, mai sharaɗin sanarwar kwana 30 kafin fita. A nan ka je ofishin kamfanin da ƙafarka, ko ka rubuta ta adireshin da ke kan rasitinka, gajere: "Ban amince da wannan bashi ba. Na soke ranar kaza, ga shaida. Ku aiko mini da yarjejeniyar da lissafin wata-wata a rubuce, da takardar da ta wakilta mai karɓar bashin." Kada ka biya "ɗan wani abu don a zauna lafiya" kafin nan, ana iya ɗaukarsa a matsayin ka amsa bashin.

Batun 'yan sanda kuwa barazana ce. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Masu tura wa 'yan uwanka saƙon tozarci kuma ana kai ƙararsu hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC.

In har ka riga ka karanta musu lambar, kira bankinka nan take ta lambar da ke bayan katinka a toshe katin da asusun, ko da tsakar dare ne, sannan da safe ka je reshe da hotunan saƙonnin.