Sharhina kan kafintan da ya yi wa ƙanwata kayan ɗaki, da yadda ya gaya mana aiki zai makara

Mutane na ta tambayata inda muka yi kayan ɗakin ƙanwata, to bari in yi bayani gaba ɗaya. Kafinta ne nan cikin Katsina wajejen Ƙofar Ƙaura, mun ba shi gado da durowoyin gefe biyu da madubi da wadrob mai ƙofa huɗu. Aikin bai fito ranar da ya ɗiba mana ba, amma duk da haka in za a sake wani bikin a gidanmu wurinsa zan koma.

Tsakiyar Yuli muka kai aikin muka ba da rabin kuɗi, ya ce ranar Asabar 16 ga Agusta mu zo da mota mu kwasa. Jere kuma Laraba 27 ga wata muka sa, ɗaurin aure Juma'a 29. Ranar 7 ga wata, ana saura fiye da sati ranar alƙawari, sai ga kiransa bayan la'asar, ni ban ma kai ga fara bibiyarsa ba. Bayan gaisuwa bai tsaya kwana-kwana ba, ya ce Hajiya ki yi haƙuri kayan nan ba za su fito ran 16 ba, na kira ne tun yanzu don kar ku shirya mota da 'yan jere a kan ranar da na san ba zan cika ba, in kin samu sarari gobe ki leƙo shago ki gani da idonki. Gaskiya gabana ya faɗi, don duk wanda ya taɓa aurar da yarinya ya san yadda ake kwasar 'yan kallo da masu kayan ɗaki, yau gobe, waya a kashe, ka je shago yaro ya ce maka oga ya fita yanzun nan.

Da na je, abu biyu ya nuna mini. Na farko katakon da aka kawo masa daga Kano wanda zai yi firem ɗin gado da ƙafafu da shi ɗanye ne, ga kuma ruwa ya same shi a hanya. Ya ɗauko guntu biyu masu girma ɗaya ya ce in riƙe, wallahi ɗayan ya fi nauyi sosai kuma sanyi gare shi a tafin hannu. Ya goga masa sanfefa a gabana, maimakon gari ya riƙa zuba sai abin ya cure ya liƙe a jikin sanfefar. Ya ce in ya haɗa gado da wannan ba wanda zai gane ranar jere, zai yi kyau ras, amma da hunturu ya kama wajen Disamba katakon zai bushe ya tsuke, mahaɗa su saki, gado ya fara ƙara, wani wurin ma ya tsage. Kuma ɗanyen katako ba a sati ɗaya yake bushewa ba balle da damina, don haka ya jera shi a rumfa da 'yan sanduna a tsakani iska na ratsawa, ya bar shi don wani aikin, ya shiga neman busasshe wurin abokan sana'a. Neman nan ne ya cinye masa kusan sati.

Na biyu fenti. Wannan ni ban taɓa sani ba. Ashe fentin da ake fesawa da kwamfuresa, mai sheƙin nan na ƙarshe, ba ya shiri da danshi. Ya nuno mini murfin durowar gefen gado da suka fesa ranar da aka wuni da hadari, ya yi wani fari-fari kamar hazo ya kwanta a kai, sheƙin ya mutu. Ya ce tina, wato ruwan da ake sirka fentin da shi, na saurin tashi, sai fuskar katakon ta yi sanyi danshin iska ya kwanta a kan fentin tun bai bushe ba, shi ke nan sai an goge an sake. Ga Agusta kuma kowa ya san nan ne ruwa ya fi ƙarfi a wajenmu, don haka sai ranar da rana ta buɗe suke fesawa, daga hantsi zuwa azahar, kuma ba shafi ɗaya ba ne, akwai na farko mai toshe ƙofofin katako, a bari ya bushe a goge, a sake, sannan kala, sannan na sheƙi.

Inda ya fi burge ni shi ne wajen sabuwar rana. Bai ce mini in sha Allahu kwanan nan ba ya yi shiru. Sai da ya fara tambayata yaushe ne jere, sannan ya lissafa mini da yatsu, haɗa firem kwana uku, guga da cike ramuka kwana biyu, fenti kwana huɗu in an samu rana, ya kuma ƙara kwanakin da ruwa zai iya hana su taɓa komai tunda ba shi ke da iko da sama ba. Ya raba kayan gida biyu. Gado da durowoyi da madubi ranar Asabar 23, wadrob kuma tunda jikinta allon MDF ne wanda in ruwa ya taɓa bakinsa kumbura yake, ba zai ɗauko ta a haɗe ba, zai kawo ta a warware ranar Talata 26 yaransa su haɗa a cikin ɗakin. Ya ce kuɗin motar zuwa na biyu a kansa. Sannan ya faɗi wata magana da ba kowane mai sana'a zai iya ba, wai in muna ganin 26 ta matse mana da yawa mu gaya masa a ranar, ya cire kuɗin wadrob ya mayar mana mu sayi haɗaɗɗa a kasuwa tun da sauran lokaci. Na kira Mama a nan shagon na maimaita mata komai, ta ce a bar masa.

Bayan nan duk kwana biyu uku zai turo hoto ta WhatsApp, ga firem an haɗa, ga shafin farko. Akwai ranar da aka tafka ruwa tun asuba, ya turo saƙon murya ya ce yau ba fenti amma ranar 23 na nan ba ta motsa ba. Gadon ya iso ran 23 da yamma. Wadrob ran 26 sai dab da magariba suka zo, da fitilar waya aka ƙarasa ɗaura ƙofofin, wannan kam ya ɗaga mana hankali don washegari da safe gwaggonni za su cika gidan.

Inda nake ganin ya gaza, mutumin da ya daɗe a sana'a ya san Agusta na zuwa tun ranar da ya karɓi aiki a Yuli, ya kamata ya sa lissafin damina cikin ranar farko. Katako zan yi masa uzuri don sai an sauke ake ganinsa, amma maganar fenti abu ne da yake gani duk shekara. Kuma sabuwar ranar da baki ya faɗa, sai da na ce Malam rubuta mini a bayan rasit sannan ya rubuta ya sa hannu. Ƙofar wadrob ɗaya ma ba ta zauna daidai ba saboda gaggawar daren nan, ya turo yaro bayan biki ya daidaita hinjin bai karɓi ko sisi ba.

Mai son kai masa aikin da zai faɗo cikin damina ya kai da wuri, ya gaya masa ranar jere tun farko ba ranar ɗaurin aure ba, kuma ya roƙa a nuna masa katakon ya ɗaga ya ji nauyinsa kafin a fara yanka.