Gidan haya a unguwanni huɗu: wanne ya fi dawo da kuɗi?

"Jama'a barkanmu. Ina da miliyan 50 ina so in sayi gidan haya. Wani dillali ya ba ni bayanin kasuwar garinmu kamar haka. Unguwar masu hali: gida miliyan 120, haya miliyan 5.4 a shekara. Tsakiyar gari kusa da kasuwa: miliyan 50, haya miliyan 3.5, shaguna biyu ne da gida a sama. Kusa da jami'a: miliyan 40, ɗakuna takwas, haya miliyan 4. Bakin gari: miliyan 25, haya miliyan 1.25. Wanne za ku ba ni shawara?"

Malam, Allah Ya sa albarka a abin da ka tara. Idan aka raba hayar shekara da kuɗin gida, lissafin dillalin zai ba ka kashi 4.5 cikin ɗari a unguwar masu hali, kashi 7 a tsakiyar gari, kashi 10 a kusa da jami'a, kashi 5 a bakin gari. Wannan lissafi yana da amfani wajen jera unguwanni, amma ba shi ne abin da zai shiga aljihunka ba. Ya ɗauka cewa kuɗin gida kaɗai za ka biya, kowane ɗaki yana da mutum wata goma sha biyu, kowa yana biya a kan lokaci, kuma babu abin da zai lalace. Babu gidan haya irin wannan, kuma abin da ake cirewa ya bambanta ƙwarai daga unguwa zuwa unguwa. A nan kwatancin gaskiya yake.

Kafin komai, ka tambayi dillalin abu ɗaya: waɗannan kuɗaɗen, waɗanda masu gida suka sa ne, ko waɗanda aka sallama a kansu? Galibin irin wannan bayani daga gidajen da ke kasuwa ake tattara shi, wato waɗanda ba a saya ba tukuna, kuma gidan da ya daɗe ba a saya ba sau da yawa tsadarsa ce ta zaunar da shi. Haka ma haya. Abin da ake nema daga sabon ɗan haya daban, abin da wanda ya shekara biyar a ciki yake biya daban. Idan gidan yana da mutane, ka nemi rasit ɗin hayar da suka biya bara da bana.

Unguwar masu hali ta fi ƙarfin kuɗinka, don haka ba zan daɗe a kanta ba. Abin lura kawai shi ne a can yawancin kuɗin na ƙasa ne da sunan unguwa, haya kuwa ba ta bin tsadar ƙasa ƙafa da ƙafa. Ɗan haya ɗaya ne. In ya tashi aka yi wata shida ana neman wani, rabin kuɗin shekara ya tafi. Wurin ajiye dukiya ne ga mai yawa.

Sauran ukun su ne naka. Alƙaluman cirewa da zan yi amfani da su ƙiyasi ne don a ga yadda lissafin ke tafiya. Ka maye gurbinsu da na gaske idan ka bincika. Na ɗauka la'adar dillali da kuɗin lauya da na safiyo da canja suna a takardu za su ci kashi 10 na kuɗin gida.

Mu fara da na jami'a, tunda shi ya fi ɗaukar ido. Miliyan 40 ya zama 44. Ɗakuna takwas a miliyan 4 na nufin dubu 500 kowane ɗaki. A ce a tsawon shekara ɗaki ɗaya yana zaune babu kowa, ko akwai wanda ya tafi da bashi: ka karɓi miliyan 3.5. Ɗalibai suna yawan canjawa, kuma duk wanda ya fita sai an yi fenti, an gyara famfo, an canja makulli. Banɗaki takwas ne, ramin masai yana cika da wuri, injin ruwa ba ya hutawa. Ka ware dubu 600. Gida mai mutum takwas yana buƙatar mai kula da shi, in ba kai za ka riƙa zirga-zirga ba. A ba shi kashi 10 na abin da ya karɓo, dubu 350. Haraji da ƙananan kuɗaɗe dubu 150. Abin da ya rage miliyan 2.4, wato kusan kashi 5.5 na miliyan 44. Takardar dillali tana nuna za ka mayar da kuɗinka a shekara 10, wannan lissafi ya ce shekara 18 da ɗoriya.

Duk da haka ba wannan ne ya fi damuna da gidan jami'a ba. Ɗakuna takwas suna sa mutum ya ga kamar ya rarraba haɗari, alhali dukkansu igiya ɗaya ta ɗaure su. In aka rufe makarantar na dogon lokaci, ko ta gina sabon masaukin ɗalibai a ciki, ko ta mayar da wasu sassa wani reshe mai nisa, tare ɗakunan za su yi fanko, naka da na maƙwabtanka, sai a shiga karya farashi. Gwada shekarar da ɗakuna uku suka zauna babu kowa: ka karɓi miliyan 2.5, mai kula ya ɗauki dubu 250, gyara da haraji suna nan yadda suke, ka tsira da miliyan 1.5, kashi 3.4 ke nan. Ana iya gane wannan tun kafin saye. Ka zaga layin a tsakiyar zangon karatu, lokacin da ya kamata ko'ina ya cika. In ka ga alluna da yawa na ɗakin haya a lokacin, ko gine-gine masu ɗakuna irin naka suna ta tashi a gefe, ɗakuna sun fara fin ɗalibai yawa. Ka kuma duba ko ma'aikata da ƙananan iyalai za su iya zama a ɗakunan in ɗalibai sun yi ƙaranci. Nisan gidan da ƙofar makaranta ma yana da tasiri: wanda ake takawa a ƙafa shi ne na ƙarshe da zai rasa mutane.

Na tsakiyar gari kuwa, a yadda aka sa shi bai shiga kuɗinka ba, don miliyan 50 da ɗawainiyar saye ya zama 55. Sai an sallama maka a 45 sannan ya tsaya a 49.5, kuma a kan haka zan yi lissafi. Mai shago da ya yi kwastomomi a wuri ba ya son tashi, don haka zan cire hayar wata ɗaya kawai, kusan dubu 300, ya rage miliyan 3.2. Gyara dubu 500, saboda gine-ginen tsakiyar gari galibi tsofaffi ne. Mai kula dubu 300. Haraji dubu 150. Saura miliyan 2.25, kashi 4.5. Tazarar da ke tsakaninsa da na jami'a ta sauko daga kashi 3 zuwa kashi 1, kuma kuɗinsa yana fitowa daga hanyoyi biyu da ba su dogara da juna ba, kasuwanci da wurin kwana. Matsalarsa ba ta zuwa kaɗan-kaɗan, lokaci guda take faɗowa: rufi, wayoyin wuta, bango mai jan danshi. Ka kai magini da mai aikin wuta na kanka su duba, abin da suka ƙiyasta ka cire shi daga tayinka. Sannan tsohon gida yakan zama na gado, ka tabbata duk masu haƙƙi sun sa hannu. In yana bakin titi, ka bincika a ofishin tsara birni ko akwai shirin faɗaɗa hanya, don shagunan gaba su ake fara rushewa, kuma su ne ke kawo kuɗin.

Bakin gari wani ciniki ne daban. Miliyan 25 ya zama 27.5. Masu neman haya a can ba su da yawa, a ce wata uku babu kowa a kowace shekara biyu, ka karɓi kusan miliyan 1.1 a shekara. Ginin sabo ne, amma sau da yawa ruwa da wuta da gyaran hanyar shiga suna wuyan mai gida: dubu 250. Mai kula dubu 100. Saura dubu 750, kashi 2.7.

| Unguwa | Abin da za ka kashe | Lissafin dillali | Bayan cirewa |
|---|---|---|---|
| Kusa da jami'a | miliyan 44 | kashi 10 | kashi 5.5 |
| Tsakiyar gari | miliyan 49.5 | kashi 7 | kashi 4.5 |
| Bakin gari | miliyan 27.5 | kashi 5 | kashi 2.7 |

Wanda ya sayi gidan bakin gari, tashin darajar ƙasa yake jira. Kafin ya kamo na jami'a, sai darajar gidansa ta riƙa fin ta wancan tashi da kusan kashi 3 a kowace shekara. Hakan yana faruwa, wani lokaci ma fiye, amma a inda gari ya nufa da gaske. Kuma a yi hattara da labarin "na saya a kaza, yanzu ya ninka". In kayan masarufi da siminti su ma sun ninka a wannan tsakanin, mai gidan bai ƙaru da komai ba, ya dai tsare abin da yake da shi. Alamar unguwar da ke tashi ita ce gidaje masu rufi da mutane a ciki, yara suna tafiya makaranta, motocin haya suna shiga har dare, an kafa turakun wuta da waya a kansu. Filayen da aka kewaye aka bari ciyawa ta cinye suna nuna masu jira ne irinka suka saye, kuma ranar da kake son sayarwa su ma suna so. A irin waɗannan wurare ne kuma aka fi samun fili ɗaya da takardu biyu, don haka binciken rajistar filaye a nan wajibi ne kafin ka ba da ko kafin alƙalami.

Ga ra'ayina. In kana buƙatar kuɗin hayar don hidimar gida, kuma kana da lokacin sa ido ko amintaccen mai kula, ka ɗauki na jami'a, bisa sharaɗin ana iya takawa zuwa makaranta daga gidan. Miliyan 6 da za ta rage maka kada ka taɓa ta. Ita za ta riƙe ka a shekarar da ɗakuna suka zauna babu kowa. In ba ka son yawan kira da ƙorafi, na tsakiyar gari ya fi kwanciyar hankali, amma ka lura dubu 500 kacal zai bar maka, ga shi tsohon gini. Ni da zan taya shi, daga 40 zan fara, ba zan wuce 43 ba, don a samu abin gyaran rufi. Na bakin gari sai in kana da wata hanyar samu kuma za ka iya mantawa da kuɗin shekaru masu yawa.

Ka koma wurin dillalin ka nemi gidaje uku da aka sayar da gaske a kowace unguwa cikin shekarar nan, da girman filinsu da yawan ɗakunansu, domin gida mai ɗaki uku a rabin fuloti ba a auna shi da mai ɗaki uku a cikakken fuloti. In ka samo su tare da rasit ɗin haya, ka kawo mu sake lissafin da alƙaluman gaske.