Sa hannun sabon saƙo da na amsa: Outlook ko Thunderbird?

"Akawun biyu nake da su, na ofis da na shagona. Ina so sabon saƙo ya fita da cikakken sa hannu, amsa kuma da sunana kawai. Outlook ko Thunderbird, wanne zai yi mini?"

Malam, in wannan ce kaɗai buƙatarka, tsohon Outlook na kwamfuta, wato classic, ya fi. Shiga File, Options, Mail, sannan Signatures. Ka rubuta sa hannu huɗu da sunayen da ba za su rikita ka ba: ofis-dogo, ofis-gajere, shago-dogo, shago-gajere. A wannan tagar akwai gurabe uku: E-mail account, New messages da Replies/forwards. Zaɓi akawun ofis, ka ba New messages ofis-dogo, ka ba Replies/forwards ofis-gajere. Daga nan ka sauya E-mail account zuwa na shago ka maimaita.

A wannan maimaitawar ake tuntuɓe. Mutum ya saita na farko ya danna OK, yana zaton ya gama, alhali na biyun yana nan a kan (none), saƙon shago ya riƙa fita ba ko suna. Gwajin ba wuya: buɗe sabon saƙo, ka sauya From daga ofis zuwa shago. In sa hannun bai sauya zuwa shago-dogo ba, da sauran aiki. Sai dai ka lura, amsa da tura saƙo gaba gurbi ɗaya suka haɗa, ba a raba su.

Shi kuwa Thunderbird, kowane akawun yana da nasa a Account Settings, cikin Signature text, amma guda ɗaya tak. Abin da ya ba ka game da amsa yana Composition & Addressing, wato Include signature for replies da Include signature for forwards. Ko dai dogon ya bi amsar, ko babu komai. Ya raba amsa da turawa, abin da Outlook bai yi ba, amma gajeren da kake nema babu gurbinsa.

Akwai dabara. A Manage Identities ka ƙara wani da adireshin nan dai, ka ba shi gajeren sa hannu. Akawun biyu sun zama zaɓi huɗu ke nan a From, kuma kai za ka riƙa zaɓa da hannunka. Da ni ne, gajeren zan mayar na dindindin da Set Default, tunda amsa ta fi sabon saƙo yawa a wuni. In ma na manta ban sauya ba, suna ne kawai zai fita.

In kuɗin lasisi ne damuwa, Thunderbird kyauta ne, kuma cire alamar Include signature for replies ka buga sunanka da hannu bai kai daƙiƙa uku ba.