Asfirin: ta gari, mai rufi, mai tafasa ko ɓawon itace, wacce za ka saya?

Idan ka shiga farmasi a Tawa ka ce a ba ka asfirin, mai sayarwar da ya san aikinsa zai fara da tambaya: "Alhaji, ta ciwon kai ko ta jini?" Sinadarin da ke cikinsu ɗaya ne, amma ta ciwo miligiram 500 ce ko 1000, ta jini kuwa 75 ko 100, wani lokaci 160. Ga kuma siffa: akwai ƙwaya zalla, akwai mai rufi da ba ta narkewa sai ta isa hanji, akwai mai tafasa a ruwa, akwai gari cikin ƙunshi irin su Aspégic da Kardégic. Yanzu har ɓawon itacen wilo ake kawowa daga waje cikin kwalba, ana tallarsa da sunan asfirin ta asali. Ba za ka iya zaɓe tsakaninsu ba sai ka san abin da ƙwayar ke yi bayan ka haɗiye ta, shi ya sa zan fara daga ɓawon.

Wilo itace ne na bakin kogi a ƙasashe masu sanyi, ɓawonsa da ɗaci. A 1763 wani limamin coci a Ingila, Edward Stone, ya rubuta cewa ya busar da ɓawon, ya daka, ya bai wa masu masassara sun samu sauƙi. A 1828 Johann Buchner ya tace sinadarin da ke ɗacin a Munik, ya sa masa suna salisin, bayan shekara 10 kuma Raffaele Piria ya samo asid salisilik daga gare shi. Abin da jikin mutum ke yi ke nan idan ya sha ɓawon: hanji ya cire sukarin da ke maƙale da salisin, hanta ta ƙarasa mayar da shi asid salisilik, shi ne ke sauke zazzaɓi. Da aka iya haɗa wannan asid a masana'anta sai ya yi arha, amma yana ƙona baki da ciki, masu ciwon gaɓoɓi da yawa ba sa iya jure shi. Ranar 10 ga Agusta 1897, Felix Hoffmann na kamfanin Bayer a Jamus ya maƙala masa wani ɗan guntun sinadari, asetil, ya samu gari mai tsabta da ba ya saurin lalacewa. A 1899 aka fitar da shi kasuwa da sunan asfirin.

An ƙara asetil ɗin ne don a lallashi ciki. Sai bayan shekara 70 da ɗoriya aka gane cewa shi ne ke yin aikin da ɓawon ba ya iyawa. A 1971 John Vane ya nuna cewa asfirin na hana jiki haɗa furostagilandin, sinadaran da ke kawo zogi da zazzaɓi, binciken da ya ba shi kyautar Nobel a 1982.

Ga yadda abin yake. Cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wani enzayim, wato sinadarin da ke juya wani abu zuwa wani, sunansa sikulo'oksijinas, da ake taƙaitawa COX, iri biyu ne. Aikinsa ya karɓi wani maiƙo, asid arakidonik, ya juya shi zuwa furostagilandin da danginsa. COX-2 yana yawaita inda aka ji rauni ko kumburi, abin da yake haɗawa shi ke kawo zogi da zazzaɓi. COX-1 kuwa kullum yana bakin aiki: a ciki yana sa a fitar da majinar da ke kare bangon tumbi daga tsaminsa, a jini kuma yana haɗa turomboksan, wanda ke kiran ƙananan ƙwayoyin daskarar da jini, wato filaket, su taru su toshe rauni. Maiƙon yana shiga enzayim ɗin ta wani siririn lungu. Asfirin na shiga lungun, ta cire asetil ɗinta ta liƙa shi a jikin wani tubalin enzayim ɗin, amino asid mai suna serin, na 530 a jerin COX-1, ta fita. Kamar mabuɗi ne ya karye a cikin kwaɗo: ba a gyara, sai dai a sayo sabon kwaɗo. Yawancin ƙwayoyin jiki suna ƙera sabon enzayim cikin sa'o'i, shi ya sa ciwon kai ke dawowa bayan awa 4 zuwa 6. Filaket kuwa ba su da cibiyar da ke ba da umarnin ƙera sabo, don haka wadda asfirin ta taɓa ta gama haɗa turomboksan har ƙarshen rayuwarta, kwana 7 zuwa 10. Ita asfirin kanta rabinta na ɓacewa daga jini cikin minti 15 zuwa 20, amma aikinta kan filaket yana nan har mako.

Daga nan zaɓi na farko ya warware kansa. Salisin na ɓawon wilo ba shi da asetil, ba abin da zai liƙa wa enzayim ɗin. Yana iya ɗan rage ciwon baya, a hankali, amma ba ya hana filaket taruwa yadda ake buƙata. Wanda likita ya ɗora wa asfirin bayan bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, in ya musanya ta da ɓawo don wai ya gaji da maganin Bature, ya bar kansa babu kariya ne bai sani ba. Kuma yawan salisin a ɓawo ya danganta da irin itacen da lokacin da aka sare shi. Ni ban ga dalilin kashe kuɗi a kansa ba.

Bari mu ɗauki misali. Wani dattijo ɗan shekara 60, ɗan kasuwar albasa, ya yi ƙaramar shanyewar jiki ya warware, likita ya rubuta masa asfirin miligiram 100 sau ɗaya a rana. Ƙwayar da ya sha da safe tana riskar filaket tun a jijiyoyin da ke ɗauko jini daga hanji zuwa hanta, kafin hanta ta cire mata asetil. Kowace rana ɓargo yana sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na filaket, ƙwayar gobe kuma ta kama sababbin. Saboda haka ɗan kaɗan ya isa, muddin kullum ne. In ya ce bari ya sha ta 500 don ta fi ƙarfi, bai ƙara kariya ba, enzayim ɗin filaket ya riga ya toshe, hatsarin zubar jini a ciki kawai ya ƙara. In kuma ƙwayoyin suka ƙare ya yi kwana 4 yana jiran a kawo masa daga Yamai, kusan kashi 40 na filaket ɗinsa sababbi ne masu cikakken ƙarfi, wannan kuwa ya isa jini ya koma daskarewa kusan yadda yake da.

Sai gwiwa ta dame shi, ya aiki yaro wajen mai tebur a tasha, aka kawo ibufurofen. A nan mutane da yawa ke faɗawa. Ibufurofen na shiga lungun nan na COX-1 ta zauna na ƴan sa'o'i, sannan ta fita ba ta liƙa komai ba. In ita ta riga shiga, asfirin ta zo ta tarar da hanya a cushe, kafin a buɗe an share ta daga jini. Da yamma enzayim ɗin ya koma aiki kamar ba a sha komai ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan haka a 2006: a sha asfirin marar rufi aƙalla minti 30 kafin ibufurofen, ko a bar awa 8 bayan ibufurofen. Ko an kiyaye lokacin, magunguna biyu ne ke raunana kariyar tumbi a tare. Ga wannan dattijo farasitamol ya fi, don ba ya hana asfirin aikinta kuma ba ya cin ciki, in dai babba bai wuce giram 3 a rana ba sai da izinin likita.

To wace siffa zai saya? Ƙwaya zalla ta 75 ko 100, ko garin Kardégic da ake kaɗawa a ruwa, duk suna aikin. Mai rufi ana tallarta da cewa ba ta taɓa ciki, ni kuwa ina ganin an zuzuta ta. Tana rage zafin ƙirjin da wasu ke ji bayan sha, wannan gaskiya ne. Amma gyambon ciki ba daga taɓa bangon tumbi kaɗai yake zuwa ba, ta jini maganin ke zagayowa ya toshe COX-1 na tumbin, rufi kuwa ba ya hana wannan. Tana kuma ɗaukar awa 3 zuwa 4 kafin ta shiga jini sosai, don haka ba ta ciwon kai ba ce, kuma ba a raba ta ko a daka. Wanda ya taɓa gyambo, maganin kare ciki irin su omefurazol yake buƙata daga likita, ba rufi ba. Mai tafasa tana saurin aiki, amma da gishirin sodiyam take tafasa, mai hawan jini da aka hana gishiri ya duba kwalin tukuna. Masu raba ta 500 gida huɗu saboda tsadar rayuwa suna samun kusan 125 a kowane ɓari in wuƙar ta yi adalci, sai dai ɓarin da aka ajiye a buɗe yana shan danshi. A tambayi likita kafin a mayar da hakan al'ada.

Ga ciwo da zazzaɓin babba, ma'aunin asfirin miligiram 500 zuwa 1000 ne, tazarar aƙalla awa 4, kada a wuce giram 3 a rana, wato ninki 30 na abin da dattijonmu ke sha. Amma a ƙasarmu zazzaɓi ba wurin fara asfirin ba ne. Wanda bai yi gwaji ba bai san ko na cizon sauro ne ko denge ba, denge kuwa da kanta take rage filaket, ka ga in an ƙara toshe ƴan da suka rage sai haɓo da zubar jini. Yaron da bai kai 16 ba mai mura ko ƙaranbau ba a ba shi, saboda ciwon Reye da ke kumbura ƙwaƙwalwa ya lalata hanta. Wasu masu fuka tana tayar musu da ita. Mai ciki ba ta shan babban ma'auni, musamman daga wata na 6. Ƙaramar da ake bai wa wasu don tsoron jijjigar haihuwa daga wurin awo ake rubuta ta. Lafiyayyen mutum kuma da bai taɓa ciwon zuciya ba, kada ya ɗora wa kansa ta kullum don ya ga maƙwabci na sha.

Wurin saye ma yana cikin zaɓin. Danshi da zafi suna cire asetil tun ƙwayar na cikin leda, ta rabu zuwa asid salisilik da asid asetik, wato tsamin binegar. Tiren da ya wuni a ranar watan Afrilu, ko kwalbar da ta kwana a buɗe cikin damina, sun isa su yi haka. Buɗe ka sansana: in warin binegar ya bugi hancinka, ko ƙwayar ta yi laushi tana marmashewa, zubar da ita. Sayi wadda kowace ƙwaya ke rufe a gidanta, ka karanta miligiram da ranar ƙarewa da idonka.

Mai sha kullum ya riƙa duba bayan gidansa. In ya yi baƙi ƙirin yana danƙo kamar kwalta, ko aka yi amai da jini, ko jiri da kasala suka zo ba dalili, a tafi asibiti a ranar, da kwalin a hannu. Kafin cire haƙori ko tiyata a gaya wa likita ana shan ta, shi zai ce a ci gaba ko a tsaya, in tsayawar ce kuma sau da yawa kwana 5 zuwa 7 kafin ranar aikin.